Littafin masaƙun Kakuri: kamfani ya ce bai ga masu saye ba

Hajara: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa hulɗa da kamfanonin buga littattafai. Ina haɗa littafi kan rayuwar ma'aikatan masaƙun Kaduna, tun daga buɗe masaƙar Kaduna Textiles Limited, wato KTL, a 1957 har zuwa lokacin da Kakuri ta yi tsit. Ba ƙagaggen labari ba ne, tarihi ne daga bakin waɗanda suka yi aikin. Babanmu, Allah ya jiƙansa, a sashen saƙa ya yi aiki a ɗaya daga cikinsu, kuma na naɗi hira da mutum sama da talatin, har da matan da ke sayar da abinci a bakin get. Na rubuta wa wani kamfani, suka ce in aiko furofozal mai ɗauke da nazarin kasuwa, da taƙaitaccen bayanin kowane babi, da babi guda cikakke. Na aika. Amsar da ta dawo layi biyu ce: batun yana da kyau, amma ba su ga masu sayensa ba. Ga abin da na sa a wajen kasuwar: "Wannan littafi na duk 'yan Arewa ne, manya da yara, da duk mai kishin Najeriya. Babu wani littafi irinsa a kasuwa." Me kuma ake so in ƙara?

Mubarak: Wa alaikumus salam Anti. Ni dai abin da ya fi damuna, kin tura musu duk tsarin littafin tun ba ki gama rubutawa ba? Idan suka ba wani ɗan gidansu ya rubuta fa? Ki gama tukuna, ki yi rajista, sannan ki nuna wa kowa.

Dakta Bello: Malama Hajara, sannu da ƙoƙari. Matsalar a fili take, ba ki bi ƙa'idar furofozal ba. Ana farawa da shimfiɗa, sai matsalar da ake son warwarewa, sai manufofi, sai bitar ayyukan magabata, sai hanyar gudanar da bincike. Cewar da kika yi babu littafi irinsa ita ta nuna musu ba ki yi bita ba. Andrae da Beckman sun fitar da Union Power in the Nigerian Textile Industry tun 1998, kuma Kaduna na tsakiyar aikin nasu. Ga na Elisha Renne, Death and the Textile Industry in Nigeria, wanda Routledge ta buga, kan matan ma'aikatan KTL da mazajensu suka rasu bayan an rufe masaƙar a 2002. Ki zo Arewa House ki zauna ki yi karatu sosai kafin ki sake aikawa.

Malam Sanusi: Dakta, littattafan nan biyu da ka kawo su ne mafi amfanin abin da za a faɗa mata yau, amma tsarin da ka zayyana na neman digiri ne. Na yi shekaru ina aikin edita a wani kamfanin ɗab'i kafin in yi ritaya, kuma wanda ke karanta irin wannan takarda ba maki yake bayarwa ba. Kuɗin kamfani za a zuba, shi kuma editan sai ya shiga taro ya gamsar da mai kula da kuɗi da mai kula da talla. Takardar da Hajara za ta aiko ita zai riƙe ya yi magana a wannan taron. In ya tashi ya ce littafin na duk 'yan Arewa ne, mai tallan zai tambaye shi kwafi nawa za a buga, a kan nawa, a kai wane shago, kuma ba shi da amsa ko ɗaya.

Hajara, bari in nuna miki lissafin da suke yi, don ki ga abin da ake nufi da masu saye. Alƙaluman misali ne na ƙaddara, ki tambayi maɗaba'a farashin yau. A ce za a buga kwafi 1,000, a sa wa kowanne naira 8,000. Mai shago ba ya saye a wannan farashin, ana yi masa ragi, yawanci tsakanin kashi 30 zuwa 40 cikin 100. Mu ɗauki 35, kin ga abin da zai dawo wa kamfani 5,200 ne. A cire miki kasonki, a ce kashi 10 na abin da ya shigo, 520 ke nan, saura 4,680. Idan buga kowane kwafi ya ci 2,500, an kashe miliyan biyu da rabi tun kafin a sayar da ko ɗaya, a ɗora dubu 700 na gyaran rubutu da tsara shafuka da bango, ya kama miliyan uku da dubu 200. Raba wannan da 4,680, za ki ga sai an sayar da kusan kwafi 700 kafin uwar kuɗi ta fito. To aikin nazarin kasuwarki shi ne ki nuna musu inda mutum 700 ɗin nan suke, da ta wace ƙofa littafin zai kai gare su.

Hajara: Ikon Allah. Malam, na gode. Amma ai tsoffin ma'aikatan kaɗai dubbai ne. Duk wanda na yi hira da shi cewa yake a kawo masa idan ya fito.

Alhaji Nura Mai Littattafai: Hajiya, a kawo masa, ba ya zo ya saya ba. Ni da ke zaune a shago kullum ina ganin bambancin. Dattijon da rabonsa da albashi ya fi shekara ashirin ba zai cire dubu takwas ya sayi labarin wahalarsa ba, kyauta yake jira, kuma ya cancanta. Wanda zai saya ɗansa ne da ya yi karatu da kuɗin masaƙa, yanzu yana aiki a Abuja ko Legas, yana son ya nuna wa 'ya'yansa inda kakansu ya yi aiki. Irin wannan yakan ɗauki biyar a tashi guda.

Amma ni a ganina duk wannan wahalar ta mece ce? Ki tara kuɗinki, ki karɓi lambar shaidar littafi, wato ISBN, a Ɗakin Karatu na Ƙasa, ki kai maɗaba'a su buga miki 500, ki kira ƙaddamarwa, ki gayyato manya. Rana guda kin fitar da kuɗinki. Yawancin littattafan tarihin da ke kan kantata haka aka yi su.

Malam Sanusi: Alhaji, rabin farko na maganarka sai ta kwafe ta sa a takardar yadda ka faɗe ta. Rabin na biyu kuwa hanya ce, ban ƙi ba, amma ka faɗa mata gaskiya, bayan ƙaddamarwar ina ragowar kwafin ke kwana?

Alhaji Nura Mai Littattafai: A ƙarƙashin gado, ranka ya daɗe. Wannan kam ba musu. Amma aƙalla littafin ya fito, ba a bar ta tana jiran amsa wata shida ba.

Anti Talatu: Ku yi haƙuri in sa baki. Mamana ta sayar da tuwo a bakin get shekaru da yawa, a Makera muka tashi. Hajara, da wane yare za ki rubuta? Don masaƙun nan ba Hausawa kaɗai suka yi aiki a ciki ba. Akwai mutanenmu na kudancin Kaduna, akwai Tibi da Idoma da Igala, akwai mutanen Edo, ai Oshiomhole ma a Arewa Textiles ya faro kafin ya zama babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan masaƙu. Da Hausa ake hira a bakin get, amma 'ya'yan da Alhaji ke magana a kai da yawansu Turanci suke karantawa.

Hajara: Anti, wannan ce tambayar da ke hana ni barci. Kusan duk hirarrakin da Hausa aka yi su, kuma idan na juya su Turanci sai in ji gishirin ya tafi. A furofozal ɗin na ce zai fito da harsuna biyu.

Malam Sanusi: To wannan ma ya taimaka wajen korar ki. Harsuna biyu a littafi ɗaya na nufin shafuka ninki biyu, takarda ninki biyu, farashi ya haura abin da mai saye zai iya. Littattafai biyu daban kuwa kasuwa biyu ce, kowacce da shagunanta da farashinta. Ki zaɓi ɗaya a wannan takardar, ki ce kina riƙe da haƙƙin fassara zuwa ɗayan, ko kina shirye a tattauna shi daga baya. Wanne za ki zaɓa, ba zan yanke miki ba. Amma ki duba jerin littattafan kamfanin da kike nema. Wanda bai taɓa buga Hausa ba ba zai fara a kanki ba, don ba shi da mai gyara ta, ba shi da dillalan da za su kai ta kasuwa. Kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya shekara da shekaru yana buga Hausa, amma ƙarfin kasuwar irin wannan ɗab'in a makarantu yake, a littattafan da aka sa a manhaja. Irin su Cassava Republic kuma masu karatun Turanci suka fi sani. Furofozal ɗaya ba zai yi wa duka biyun ba, sai an sake ɗinka sashen kasuwar.

Yanzu mu koma kan littattafan da Dakta ya kawo. Kada ki ɓoye su, su ne shaidarki. Idan edita ya ji babu littafi irin wannan, abu biyu ke zuwa masa: ko marubucin bai duba ba, ko kuwa an gwada an ga ba mai so. Ki kawo huɗu zuwa shida, kowanne ki faɗi sunan marubuci, kamfani, shekara, sai jumla biyu ko uku kan abin da ya yi da inda naki ya rabu da shi, ba tare da kushe ba. Misali, na Andrae da Beckman kan ƙungiyar ƙwadago ne da yadda ta yi fama a zamanin shirin tsuke bakin aljihu na SAP, kuma ya tsaya kafin manyan masaƙun su rufe. Na Renne ya ɗauki bayan rufewa, amma don malamai aka rubuta shi, a waje aka buga, farashinsa ba na mutumin Kakuri ba ne. Naki daga cikin unguwa yake, da muryar masu aikin, a farashin gida. Ga gurbi ya fito, kuma kin nuna shi da hujja.

Sai dai waɗannan biyun batu kuka haɗa, ba mai saye ba. Ki ƙara aƙalla biyu da aka buga a Najeriya cikin 'yan shekarun nan, na tarihin wani gari ko wata sana'a da aka rubuta don kowa da kowa, ko da ba su taɓa zancen masaƙa ba. Su ne za su nuna cewa akwai mai cire kuɗi ya sayi irin wannan karatun. Nan Alhaji zai fi ni amfani.

Alhaji Nura Mai Littattafai: Ki zo shago da biro da takarda. Zan nuna miki waɗanda na sake yin oda da waɗanda ƙura ta rufe. Ki buɗe shafin da ke bayan na suna, in kin ga an rubuta bugu na biyu ko na uku, wannan ya tafi ke nan. Mu nan ba mu da inda ake zuwa a ga adadin abin da aka sayar a ƙasa baki ɗaya, don haka kada ki ƙirƙiri lamba. Ki ce shago kaza ya ce yakan sayar da kwafi kaza a shekara, in mai shagon ya yarda a ambace shi.

Dakta Bello: Na karɓi gyara kan tsari, Malam, amma kada a raina kasuwarmu. Sassan tarihi da tattalin arziki da nazarin zamantakewa a ABU da KASU da Bayero duk suna koyar da tarihin masana'antu da ƙwadago. In malami ɗaya ya sa littafin a jerin karatun kwas, ɗalibai ɗari biyu ke nan duk shekara.

Mubarak: Dakta, da girmanka, ɗaya zai saya, sauran su ɗauki hoto a waya. Ni ɗalibi ne, na san mu.

Malam Sanusi: Yaron nan ya faɗi gaskiya. Editan ma ya sani, shi ya sa in ta rubuta "ɗaliban jami'a" kawai ba zai ƙirga su ba. Abin da zai ƙirga shi ne wasiƙa. Dakta, in da gaske kake, rubuta mata layi uku a takardar sashenku cewa ka ga samfurin kuma za ka sa shi a kwas kaza mai ɗalibai kaza. Ita kuma ta ƙiyasta kaɗan daga ciki, ba duka ba. Haka za ta yi da ƙungiyar ma'aikatan masaƙu, tunda hedkwatarsu a nan Kaduna take: ta je ta tambaya ko za su ɗauki wani adadi a dunƙule don taronsu. In sun ce eh a rubuce, kwafi ɗari da ke kan takarda sun fi miliyan da ke baki. In ba su ce komai ba, ta rubuta cewa ta tuntuɓe su, kada ta rubuta cewa sun amince. Na ga furofozal da aka yi wa wannan ƙarin gishirin, kira ɗaya a waya ya rushe shi.

A ƙarshe sashen zai zama kamar shafi ɗaya da rabi: rukuni na farko 'ya'yan ma'aikata da mazauna ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu, ga yadda za a same su, na biyu ƙungiyoyin ƙwadago da masu bin zancen farfaɗo da masana'antu, na uku jami'o'i da ɗakunan karatu. Kowanne da ƙiyasinsa da dalilin ƙiyasin. Sai abin da ke da kanki za ki yi, in kina da shafin da ake bi ko kin taɓa shiga rediyo kan batun, ki faɗi adadi na gaskiya ko da kaɗan ne.

Mubarak, ban manta da kai ba. Dokar haƙƙin mallaka ba ta kare dabara, rubutun da aka riga aka yi take karewa, kuma tun daga lokacin da aka rubuta shi, ba sai an yi rajista ba. Kowa na iya cewa zai rubuta tarihin masaƙu. Abin da ba wanda zai iya ɗauka shi ne muryoyin da ke cikin wayarta da amanar da dattawan nan suka ba ta. Littafin da ba ƙagagge ba a kan furofozal ake cinikinsa, don edita ya sa baki a tsarin tun ba a yi nisa ba. Ƙagaggen labari ne ake cewa sai an gama.

Mubarak: To Baba, na ji. Amma duk da haka ta riƙa aikawa ta imel don ranar ta zauna a rubuce.

Malam Sanusi: Wannan ba laifi. Hajara, turo mana bayanin babi ɗaya mu gani, don ina zargin can ma akwai aiki.

Hajara: Ga na biyar. "Babi na 5: Durƙushewa. Wannan babi zai yi nazari kan dalilan da suka jawo durƙushewar masaƙu, kamar matsalar wuta da fasa-ƙwauri da manufofin gwamnati, da irin tasirin da hakan ya yi ga al'umma." Babi goma ne, duk haka na yi su, layi biyu-biyu.

Dakta Bello: Ni ban ga aibu ba. A taƙaice yake, ya faɗi abin da za a tattauna.

Malam Sanusi: Aibun shi ne duk wanda ya taɓa sauraren labarai zai iya rubuta wannan ba tare da ya taka Kakuri ba. "Zai yi nazari" alkawari ne, editan kuma yana son ya ga abin da aka gano. Kin yi hira da mutum talatin, babu ko ɗaya a cikin layukan nan. Bar takardar tukuna, ba ni amsa da baki: a duk abin da kika ji game da rufewar, mene ne ya ba ki mamaki?

Hajara: Cewa ba rana ɗaya aka rufe ba. Ni da ina yarinya na ɗauka an wayi gari ne aka sa kwaɗo. Ashe a masaƙar da Baba ya yi aiki an fara ne da rage shif, daga uku zuwa biyu, sai hutun dole, sai albashi ya riƙa zuwa rabi. Kuma wata mai abinci ta ce min ita ta riga ma'aikatan sanin an kusa. Tana da littafin bashi, ana ci a rubuta, ƙarshen wata a biya a ja layi. Ta ce da ta ga shafi uku sun cika ba a ja layi ko ɗaya ba, har manyan sashe sun fara cin tuwo ba nama, sai ta fara sayar da manyan tukwanenta. Littafin yana nan, ta nuna min, bangonsa duk manja.

Anti Talatu: Wayyo. Mamana ma tana da irinsa, wani tsohon littafin makarantar yayana ne. Da alama take rubuta sunaye don ba ta yi boko ba, mai gemu ta zana gemu, mai keke ta zana ƙafar keke. Hajara, in kina so zan tambaye ta, tana nan da ranta a Kafanchan.

Hajara: Don Allah Anti, ina so ƙwarai. Zan biyo ki ta gefe.

Malam Sanusi: To ga babinki nan kin faɗe shi. Ga yadda zan juya shi, ki gyara inda na kauce:

"Babi na 5: Littafin Bashi. Masaƙar ba ta mutu rana ɗaya ba, kuma waɗanda suka fara ganewa ba su cikin ma'aikata. Babin ya buɗe da littafin bashin wata mai tuwo a bakin get, inda shafuka uku suka cika ba a biya ba. Daga nan ya bi matakan janyewar ɗaya bayan ɗaya, rage shif, hutun dole, rabin albashi, ta bakin masaƙa biyu da wani makanike da ya ga ana cire kayan wata na'ura don a gyara wata. Ya nuna yadda tsadar wuta da baƙin mai da shigowar atamfar waje mai araha suka sauka a kan faranti da kuɗin haya a Kakuri da Makera. Ya rufe da ranar da aka zo aiki aka tarar da sanarwa a get, wadda ta kai mu babi na 6, shekarun jiran haƙƙi. Madogara: hira shida, jaridun lokacin, takardun ƙungiya. Kalmomi kusan 6,000."

Makaniken ni na ƙaddara shi, ki sa wanda kike da shi a zahiri. Dalilan da kika lissafa duk suna nan, amma yanzu an ga a kan wa suka faɗa. Jumlar farko ta faɗi matsayar babin, ta ƙarshe ta miƙa hannu ga na gaba. Ki yi wa goman haka, kowanne kalma 150 zuwa 250. Sannan ki gwada wani abu: ki karanta jumlolin farko na goman a jere. In sun ba da labari daga farko zuwa ƙarshe, littafi ne. In za a iya musanya na uku da na bakwai ba wanda ya lura, tarin maƙalu kike da shi, kuma gara ki gano yanzu. Ki haɗa adadin kalmomin ma, goma sau dubu shida dubu sittin ke nan, wajen shafi 200 da ɗoriya, da shi suke lissafin takarda. Ki faɗi hotuna nawa, da watan da za ki miƙa aikin, ki ƙara wa kanki lokaci a kan abin da kike zato.

Hajara: Malam, Allah ya saka da alheri. Wallahi har na ga babi na 3 da na 4 abu ɗaya suke faɗa. To samfurin fa? Na farko na tura, tarihin kafuwa, Sardauna da kamfanin David Whitehead na Ingila da auduga da sauransu.

Dakta Bello: Daidai kika yi. Daga farko ake farawa. Maɗaba'un jami'a ma gabatarwa suke fara nema, don a nan ake ganin hujjar littafin gaba ɗaya.

Malam Sanusi: A maɗaba'ar jami'a haka ne, Dakta, kuma in kamfani ya rubuta a ƙa'idarsa cewa babi na farko yake so, shi za a ba shi, ba gardama. In bai fayyace ba, ni na biyar zan tura. Ba a cinikin biri a sama, samfurin shi ne kaɗai wurin da editan zai ga ko ta iya abin da ta yi alkawari. Babin kafuwa daga takardun Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da littattafan wasu aka haɗo shi, duk mai haƙuri zai iya. Abin da take sayarwa shi ne iya saƙa hira ta zama labari, to a nuna wannan. A gama shi tsaf kamar gobe za a buga, kalma dubu huɗu zuwa shida, ba daftari ba, ba "za a cike nan daga baya" ba. In tana so ta haɗa da gajeriyar gabatarwa, sai ta gamsar da kowa.

Dakta Bello: Zan yarda da a haɗa biyun. Amma babi na biyar tsirara ba shimfiɗa, mai karatu bai san ko wace masaƙa ake magana ba, ban gamsu ba.

Anti Talatu: Wani abu kuma. Littafin bashin nan sunayen mutane ne a ciki, wasu sun rasu da bashin a kansu, 'ya'yansu suna nan unguwa. Kada a buga hoton shafin mutum ya ga sunan babansa.

Malam Sanusi: Madalla, Talatu. Wannan ma yana shiga furofozal, sakin layi ɗaya: waɗanda aka yi hira da su sun amince a rubuce ko a cikin faifan, wa za a ambata da sunansa, wa za a sakaya, hotunan na waye kuma an ba da izini. In wani ya zargi wani manaja da suna cewa ya ci kuɗi, ba za a buga ba sai da takardar shaida, don kamfani da marubuci tare ake kai su kotu. Edita in ya ga an riga an yi wannan tunanin hankalinsa yakan kwanta. Hajara, kin karɓi amincewarsu?

Hajara: Da baki suka yarda, wasu kafin in kunna rikoda. Biyu daga ciki sun rasu bara.

Malam Sanusi: Allah ya jiƙansu. Masu rai ki koma musu da 'yar takarda, ko ki naɗi yardar da muryarsu. Na mamatan ki nemi iyalansu, in abin ya yi wuya ki sakaya suna da duk abin da zai sa a gane su.

Alhaji Nura Mai Littattafai: Ni dai a ganina, da Hausa za ki yi shi, a ƙaramin bugu mai araha, ki ga yadda zai tafi a Kakuri da Tudun Wada. Dubu takwas ɗin Malam ta yi wa mutanena yawa.

Anti Talatu: In da Hausa ne ƙannena da ke Legas ba za su karanta ba, Alhaji, kuma su ne masu ɗaukar biyar ɗin da ka faɗa.

Hajara: Kun ga inda na maƙale ke nan. Bari in rubuta babi na biyar da Hausa yadda aka faɗa min shi, in juya shafi uku na farko zuwa Turanci, in turo muku duka biyun ku gani. Alhaji, ranar Asabar shagon yana buɗe da safe?

Alhaji Nura Mai Littattafai: Daga ƙarfe tara. In kin tarar ban iso ba yaron zai fito miki da littafin oda.